Kurakuran da aka fi yi wajen duba daftarin wasiƙa

Kwanakin baya ƙanwata ta turo mini daftarin wasiƙar da za ta kai wa shugaban sashensu a wurin aiki, tana neman a ƙara mata mako biyu kafin ta miƙa wani rahoto. Abin da ta rubuto tare da fayil ɗin bai wuce "Yaya, ɗan duba mini" ba. Na gyara waƙafi uku, na sauya kalma ɗaya, na ce mata ya yi. Sai washegari da na sake karantawa na lura buƙatar tata tana can sakin layi na huɗu, kuma babu inda ta faɗi ranar da za ta kawo rahoton. Dukanmu mun yi kuskure, amma nata ne ya haifi nawa.

Wanda aka ce wa "duba mini" kawai, abin da ya fi sauƙi zai duba, wato ƙa'idar rubutu. In za ka ba wani daftari, gaya masa wa zai karanta wasiƙar, me kake so mutumin ya yi bayan ya karanta, da kuma abin da ke damunka a cikinta. Da ta ce, "Shugabanmu ba ya karanta dogon rubutu, so nake ya amince da 28 ga Maris, kuma ina tsoron kada ya ga kamar ina ɗora wa wani laifi," da na san inda zan sa ido.

Shi kuma mai dubawa, kuskurensa shi ne kama biro tun daga layin farko. Karanta wasiƙar gaba ɗaya ba tare da ka taɓa komai ba, ka kau da kai, ka faɗa a jimla ɗaya abin da take nema. In ka kasa, ka riga ka gano babbar matsalar. Bayan nan sai tsarin magana da lafazi, sai sunaye, ranaku da alƙaluma, waƙafi da aya su zo a ƙarshe. Ɓata lokaci ne a goge jimlar da gobe za a cire ta.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne yadda ake faɗin gyaran. "Bai yi daɗi ba", "ya yi tsawo", "a ƙara masa armashi", duk ba su nuna wa marubuci inda zai sa hannu ba. A wasiƙar ƙanwata akwai jimlar da ta ce: "Kamar yadda kuka sani, ba a ba ni bayanan a kan lokaci ba." Da na rubuta "ya yi zafi" a gefe, ba za ta san ko kalma ce ko sakin layin duka ba. Abin da na rubuta a karo na biyu shi ne: "Wannan jimlar ta sa na ji kamar kina cewa shi ma yana da hannu a jinkirin. In kin faɗi ranar da bayanan suka iso, zai gane da kansa." Ta mayar da ita: "Bayanan sun iso hannuna ranar 7 ga Maris, saura mako ɗaya wa'adin ya cika." Na nuna wurin, na faɗi yadda ya zo mini a matsayin mai karatu, na bar mata zaɓin kalmomi. Yana da kyau kuma ka bambanta gyaran dole da na son rai. Rashin rana dole ne a gyara, amma "ina roƙo" da "ina neman alfarma" ra'ayi ne kawai. Wanda ya sake rubuta wasiƙar duka da salonsa bai taimaka ba, don in aka kira mai sa hannun a yi masa tambaya, maganar bakinsa ba za ta yi kama da ta takardar ba.

A ɓangaren mai karɓar gyara, da ka ji bakinka ya fara "ai abin da nake nufi shi ne", dakata. Ba za ka bi wasiƙar ka tsaya a kan mai karanta ta kana yi masa bayani ba, saboda haka bayanin da ka yi da baki shi ya kamata ya shiga takarda. Wasu kuma duk abin da aka ce sai su karɓa. In mutum biyu suka yi tuntuɓe a wuri ɗaya, ɗaya ya ce a cire, ɗaya ya ce a faɗaɗa, to lalle wurin na da matsala, amma maganin kai za ka zaɓa.

Saura ƙiris wannan wasiƙa ta tafi da ranar da ba ita ba. A daftari na biyu ƙanwata ta rubuta 21 ga Maris bisa kuskure, ta tura wa wata abokiyar aikinta, daga baya ta gyara zuwa 28 a kwafin da ke wayarta. Da abokiyar ta dawo da nata gyaran, sai ta ci gaba da aiki a kan wancan kwafin, ta sa masa suna "na ƙarshe". Ga 21 ta dawo ba wanda ya lura. Irin wannan suna ba ya nuna komai, don gobe za a samu "na ƙarshe 2" da "na ƙarshe sosai". Sa rana da lamba:

```
wasika_2025-03-10_v1.docx
wasika_2025-03-11_v2.docx
wasika_2025-03-11_v2_yaya.docx
wasika_2025-03-12_v3.docx
```

In shekara ta zo farko, sai wata, sai rana, fayilolin za su jeru bisa tsari idan aka jera su da suna. Kwafin da ya dawo daga mai dubawa yana riƙe lambar da aka ba shi tare da alamarsa. Uwar takarda ɗaya ce, tana hannun marubuci, kuma shi ke ɗauko gyara daga kwafin wasu ya shigar a cikinta.

A Word, mai dubawa ya kunna Track Changes, wanda ke nuna duk gyaran da aka yi, da `Ctrl+Shift+E` kafin ya taɓa komai. In ya manta, akwai Compare a ƙarƙashin Review, wanda ke haɗa fayil biyu ya nuna bambancinsu. Da shi muka kama 21 ɗin nan. A Google Docs, Suggesting ke yin aikin Track Changes, kuma a Version history za ka iya raɗa wa kowane mataki suna.

Akwai tarkon da ke kama har waɗanda suka saba. Zaɓar No Markup a Word yana ɓoye gyare-gyare ne daga idonka kawai, suna nan a cikin fayil, kuma wanda aka aika wa zai iya ganin jimlar da aka goge da sharhin da aka yi a kansa. Kafin aikawa, ka karɓi ko ka ƙi kowane gyara, ka goge duk sharhi, sannan ka mayar da wasiƙar PDF. Buɗe PDF ɗin da kansa, ba fayil ɗin da ka fito da shi daga ciki ba, ka karanta sunan wanda ake aika wa da ranar da ake nema da babbar murya.