Yadda za ka gane kafet ɗin hannu da na inji

Farko dai ka juya kafet ɗin ka duba bayansa, mai shago zai ta nuna maka gaba amma gaskiyar tana baya. Na hannu, irin na Iran ko Turkiyya, zanen ya fito ɓaro-ɓaro a bayan kamar gaba, ƙullin kuma ba su zama daidai wa daida ba, wani ya ɗan fi wani girma, layi ya ɗan karkace. Na inji komai a jere yake cif kamar an sa rula, wani ma roba ko gam za ka tarar a bayan.

Sai ka lanƙwasa shi ta gaba har gashin ya buɗe ka leƙa gindinsa, in na hannu ne za ka ga kowane zare an ɗaure shi a jikin zaren tsaye.

Gezar bakin nan ma tana tona asiri. A na hannu ita ce ƙarshen zaren tsayen da aka yi saƙar a kansa, ta fito daga cikin kafet ɗin. In ka ga ɗinki ne ya riƙe ta, to liƙa ta aka yi daga baya.

Maganar shekaru kuwa launi za ka bi. Rinin kemikal ya fara ne a 1856, kafin nan da baba da saiwar itace ake rini, kuma za ka ga ja ko shuɗin yana ɗan sauya duhu layi-layi saboda ba tukunya ɗaya aka rina ulun ba. Amma fa har yau ana rini da itatuwa, wannan kaɗai ba hujja ba ce. Jiƙa farin ƙyalle ka goga a gefe, in ya kama launi rinin ba mai kyau ba ne. In saman gashin ya koɗe fari fat gindin kuma yana nan jawur, ka yi zargin an wanke shi da kemikal ne don ya yi kama da tsoho.