Kurakuran da aka fi yi wajen bambance ƙwayoyin jini a kan gilashi

Duk lokacin da sababbin ɗalibai suka zo ɗakin gwajinmu koyon aiki, nakan ajiye musu gilashin jini guda ɗaya in ce kowa ya ƙirga mini fararen ƙwayoyi 100. Sakamakon yakan fito kamar jinin mutum biyar aka duba. Na gaji da maimaita magana ɗaya a bakin maikiroskof, shi ya sa na zauna na rubuta.

Tushen matsalar shi ne raɗa wa ƙwaya suna da alama ɗaya tak. An ga babba, an ce monosait. An ga ƙarama mai zagayayyar cibiya, an ce limfosait. Ni abu uku nake bi, kuma a jere: girma, sannan cibiya, wato nukiliyas, sannan jikin ƙwayar da tsabar da ke cikinsa. Ma'aunin girma yana gabanka a kowane fili, shi ne jan ƙwayar jini, wadda faɗinta ke tsakanin maikiromita 7 da 8. Ƙaramin limfosait ya ɗan ɗara ta kaɗan, cibiyarsa kuwa kusan daidai take da ita. Nutrofil ya kai ɗaya da rabi zuwa biyunta. Monosait ya fi kowa, yakan kai maikiromita 15 zuwa 20.

Amma ma'aunin ba ya aiki sai a wurin da ya dace. Kusa da inda aka ɗiga jinin, shimfiɗar tana da kauri, ƙwayoyi sun takure sun yi duhu, har monosait yakan koma kamar limfosait. A can ƙarshen wutsiya kuma sun baje, kuma manyan ƙwayoyi sun fi taruwa a can da gefe-gefe. Ka fara da ƙaramin ido na 10, ka nemo inda jajayen ƙwayoyi ke kusa da juna ba su hau kan juna ba, sannan ka ɗiga mai ka koma ido na 100.

Kuskuren da ya fi ci mini rai, wanda har yau ban manta ba, shi ne ɗaukar jan ƙwaya mai cibiya a matsayin limfosait. Jan ƙwaya tana da cibiya tun tana cikin ɓargo, sai ta zubar da ita kafin ta fito cikin jini. Idan jiki na asarar jini da sauri, kamar yadda ake gani a masu sikila, ɓargo yakan sako su tun ba su nuna ba. Mu da muke ganin masu sikila kusan kowace rana, babu uzurin da za mu kawo na rashin sanin wannan ƙwaya.

A shekarata ta farko a aiki aka kawo jinin wani yaro ɗan shekara 6. Na ƙirga fararen ƙwayoyinsa da hannu na sami 30,000 a kowace maikirolita. Na hau gilashi na fitar da limfosait 60, nutrofil 36, monosait 3, iyosinofil 1. Na sa hannu na tura. Likita ya ga limfosait 18,000 a yaron da jininsa ya yi ƙasa, ya fara zargin sankarar jini, ya ce wa uban ya shirya tafiya babban asibiti a ɗebi ɓargo. Uban ya kwana yana neman kuɗin mota, uwar ta kwana tana kuka a bakin gado. Da safe babban ma'aikacinmu ya karɓi gilashin, bai yi minti biyu a kai ba ya ɗago ya ce, "Yarona, zo ka gaya mini launin jikin wannan." Na duba na ce, "Ranka ya daɗe, ruwan toka ne mai ɗan ja." Ya ce, "To, ka taɓa ganin limfosait mai launin jan ƙwaya?"

Nan bambancin yake. Jikin limfosait shuɗi ne garau, siriri, ya zagaye cibiyar kamar bakin faifai. Cibiyarsa shunayya ce mai duhu, amma in ka juya dunƙulen daidaita gani a hankali za ka ga tana da gudaji-gudaji, wani wuri ya fi wani duhu. Ita kuwa jan ƙwaya mai cibiya, cibiyarta ta fi ƙanƙanta, zagayayya ce sosai, baƙa wuluk kamar ɗigon tawada, sau da yawa ta karkata gefe tana shirin fita. Jikinta ya fi yalwa, kuma launinsa na dangin jajayen da ke kewaye da ita ne. Ka kuma dubi maƙwabta. In fili ya cika da ƙwayoyi masu siffar lauje, da masu ɗigo a tsakiya, da manyan jajaye masu ɗan shuɗi-shuɗi, to ka sa ran haɗuwa da ita.

Muka sake ƙirga tare. Ba a saka jajaye masu cibiya cikin 100 ɗin, gefe ake ƙirga su. Kafin mu cika fararen ƙwayoyi 100 mun ci karo da jajaye masu cibiya 50. Sakamakon gaskiya ya zama nutrofil 54, limfosait 40, monosait 4, iyosinofil 2. Shi ma 30,000 ɗin ba daidai ba ne, domin ruwan da ake tsarma jini da shi yana fasa jajayen ƙwayoyi amma ba ya narkar da cibiya, don haka duk na ƙirga su a farare. Gyaran shi ne ka ninka adadin da 100, ka raba da 100 haɗe da yawan masu cibiyar:

30,000 × 100 ÷ (100 + 50) = 20,000

Limfosait ɗin yaron 8,000 ne, ba 18,000 ba. Ciwon sikilarsa ne ya tashi, aka ƙara masa jini, ba a je ko'ina ba. Tun daga ranar, ba na taɓa gilashi sai na karanta abin da likita ya rubuta a takarda, kuma in na ga jini ya yi ƙasa sosai, sai na zaga gilashin neman waɗannan ƙwayoyi kafin in fara ƙirga. Masu dogaro da inji su ma su kula, ƙananan injinan da ke raba farare gida uku sukan jefa su cikin limfosait.

Kuskure na biyu shi ne rikita monosait da babban limfosait, kuma a nan ne nake yawan faɗa. Wa ya ce muku duk babbar ƙwaya monosait ce? Yaro mai ƙyanda ko wata cutar bairos, ko mai zazzaɓin cizon sauro, limfosait ɗinsa sukan kumbura su kai girman monosait. Sai ɗalibi ya kawo mini monosait 25 cikin 100 ko a jikinsa, bai tsaya ya tambayi kansa ko hakan zai yiwu ba, alhali a mai lafiya ba su cika wuce 10 ba. Wannan ganganci ne, kuma takardar da ka sa wa hannu da ita za a yi wa mutum magani.

Ku bar girma, ku dubi cibiya. Ta monosait tana da lanƙwasa ko ninki, wani lokaci kamar ƙoda, wani lokaci kamar an tattare zane, kuma saƙarta sako-sako ce, haske na ratsa ta. Jikinsa ruwan toka ne mai dishi-dishi kamar sararin sama a lokacin hunturu, da tsaba ƙanana sosai kamar ƙura, sau da yawa da 'yan ramuka farare. Babban limfosait kuwa cibiyarsa ta fi cika da duhu, zagayayya ko mai siffar ƙwai. Jikinsa shuɗi ne mai tsabta, kuma shuɗin ya fi ƙarfi a baki-baki, inda yakan lanƙwashe ya rungumi jajayen da ke gefensa. Abin da nake yi, ko da ba kowa ke yi ba, shi ne kafin in ƙirga sai na nemo monosait guda wanda babu shakka a kansa a wannan gilashin, in ƙare masa kallo. Duk wata ƙwaya mai rikitarwa da shi nake gwada ta, domin rini ɗaya suka sha.

Maganar rini ta kawo mu kan tsaba. Nutrofil na da cibiya mai gaɓa 2 zuwa 5 da siririn zare ya haɗa, tsabarsa ƙanana ce, ruwan hoda mai ɗan shunayya, da ƙyar ake rarrabe su. Iyosinofil yawanci gaɓa biyu gare shi kamar tabarau, tsabarsa manya, girmansu ɗaya, ruwan goro, sun cika jikin maƙil, kuma suna ƙyalli in ka motsa dunƙule. Duk wannan ya dogara ne da ruwan da ka tsarma rini da shi. Rinin Lishman na son ruwan bafa mai pH 6.8. Mai 7.2 na neman ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ne. In ruwan ya yi tsami, komai zai yi ja, cibiya ta koɗe, nutrofil ya zama kamar iyosinofil. In ya karkata ɗaya ɓangaren, jajayen ƙwayoyi su yi shuɗi-shuɗi, tsabar nutrofil ta yi duhu, ta iyosinofil ta dushe. Don Allah a daina ɗibar ruwan famfo ana zubawa a kan gilashi. Dubi jajayen ƙwayoyi tukun: in ba ruwan hoda suke ba, kar ka yarda da launin komai, sake rini. Kuma iyosinofil na gaskiya yakan yi yawa a wurinmu saboda tsutsar ciki da tsargiya, don haka in ka gan shi da siffarsa cikakkiya, rubuta shi, kar ka ji tsoron adadin.

Besofil ba ya kai 1 cikin 100 a mafi yawan mutane. Tsabarsa manya ce, baƙi-baƙi, girmansu ba ɗaya ba, suna hawa kan cibiya su rufe ta. In ka sami guda 10 a jinin mai zazzaɓi mai zafi, kuma kana ganin gaɓoɓin cibiya sarai, mai yiwuwa nutrofil ne da tsabarsu ta yi kauri saboda cuta mai tsanani.

Sauran kurakuran ƙanana ne. Filatilet da ya hau kan jan ƙwaya yana da ɗan farin da'ira kewaye da shi da tsaba a tsakiya, ba shi da zobe shuɗi da jan ɗigo irin na ƙwayar zazzaɓi. Jinin da ya daɗe a kwalbar EDTA yana sa cibiyar nutrofil ta dunƙule ta yi baƙi, don haka a ja gilashi cikin awa 2 zuwa 3. Da hunturu rini yakan bushe a kan gilashi ya bar baƙin gari mai kama da tsaba, sai a tace rinin, a zuba isasshe, kuma a wanke shi da ruwa yana kwance, kar a tsiyaye shi tukun. Ƙwayar da ta fashe ta bar cibiya tsirara ba a raɗa mata suna. Yaro ɗan ƙasa da shekara 4 limfosait ɗinsa sukan fi nutrofil yawa, kar ka ɗora masa ma'aunin babba.

Idan kuma ka ci karo da babbar ƙwaya mai cibiya sumul, da ɗigo ɗaya ko biyu masu haske a cikinta, da ɗan siririn jiki shuɗi, kar ka tura ta cikin limfosait don adadi ya cika. Ƙirga ta daban, ka bar gilashin a kan maikiroskof yadda yake, ka je ka kira na gaba da kai ya duba kafin takardar ta fita.