Yadda ake zaɓen baƙaƙe masu 'yanci wajen nemo bektar aigin

'Yan'uwa ɗalibai, idan kun samo ƙimar aigin λ, ku fara cire ta daga lambobin da ke kan dayagonal kaɗai, sannan ku shiga rage layuka. Wanda ya rage layukan A kafin ya cire λ ya riga ya sauya matiris ɗin, kuma amsarsa ba za ta yi daidai ba.

Mu ɗauki matiris A mai layuka (2, 1, 1), (1, 2, 1) da (1, 1, 2), tare da λ = 1. Kowane gurbi na A − I zai zama 1, saboda haka idan aka debe layin farko daga sauran biyun, sai su koma sifiri, a bar mu da x + y + z = 0. Ginshiƙin x ne kaɗai ke da lambar jagora, don haka y da z su ne masu 'yanci.

A nan nake roƙon ku natsu, domin nan ne aka fi tuntuɓe. Ku ba ɗaya 1, ɗayan 0, sannan ku musanya: y = 1, z = 0 zai ba da (−1, 1, 0), yayin da y = 0, z = 1 zai ba da (−1, 0, 1). Kada ku ba su sifiri gaba ɗaya, domin bektar sifiri ba ta shiga lissafin bektocin aigin.

Idan kuka gama ragewa babu layin sifiri ko ɗaya, to akwai kuskure a λ ko a ragewar. Ku kuma ninka A da (−1, 1, 0) don tabbatarwa, za ku ga ita ce ta dawo, kamar yadda λ = 1 ta buƙata.