Darasi na 7: Mayar da kuɗin faktir zuwa sefa ba tare da an cuce ka a cike ba

To jama'a, darasin yau na mai oda ne, wanda kaya ke zuwa masa daga waje ta Duwala, a ɗora su a mota har Garwa ko Marwa ko a wuce da su Injamena, kuma faktir ɗin da ta biyo kayan ba da sefa aka rubuta ta ba. Kafin ka taɓa kalkuleta sai ka nemo abu biyu a jikin takardar. Na farko kuɗin wace ƙasa ne, EUR shi ne yuro, USD dalar Amurka, XAF kuma sefar mu ta nan. Na biyu farashin canji da aka rubuta, galibi yana can ƙasa kusa da jimla.

In yuro ne an huta, don tun 1999 aka ɗaure sefa da shi, yuro ɗaya 655,957 ne kuma baya motsi. Amma a kula da wannan waƙafin, rubutun Faransanci ne, ba dubu ɗari shida da hamsin da biyar ake nufi ba, sefa 655 ne da ɗan guntu a bayansa. A kalkuletar da ke aiki da ɗigo sai ka danna 655.957, in ka manta ɗigon za ka ga biliyan uku ta fito maka a kayan miliyan uku.

Ga misali. Alhaji ya yi odar fakitin irin tumatir guda 6 000, kowane ɗaya 0,85 EUR. Ka fara gama lissafi da yuron tukun, 6 000 sau 0,85 ya ba da 5 100,00 EUR, in akwai kuɗin jirgi ko inshora a faktir ɗin suma a nan ake haɗa su tun suna yuro. Sai yanzu ka ninka da canji, sau ɗaya tal:

```
5100 × 655.957 = 3345380.7
```

Tunda ba a biyan guntun faran, sai a cike. Dubi lamba ta farko bayan ɗigo, in 5 ce ko sama ka ƙara ɗaya, in ƙasa da 5 ce ka yar da ita. Nan 7 ce, ya zama 3 345 381 F.

Yanzu a ce yaron shago ya kawo wa Alhaji takarda ya rubuta 3 348 000 F. Ba lalle ne sata ba, kar a fara da faɗa. Abin da ya yi shi ne ya canza kuɗin fakiti ɗaya tukun, 0,85 sau 655,957 ya ba shi 557,56 da ɗoriya, ya ce to 558 kenan, sannan ya ninka da 6 000. Abin da ya ƙara a fakiti bai kai rabin faran ba, amma ya ƙara shi sau dubu shida, shi ne ya taru ya zama 2 619 F. Da ma 560 ya mayar da shi don ya yi daɗin faɗa kamar yadda muke yi a kasuwa, da bambancin ya kai 14 619 F, kuɗin da zai biya masu sauke kaya har da canji.

Ya za ka gane? Ɗauki jimlar sefar da aka ba ka ka raba da jimlar yuro, dole canjin da ke takarda ya dawo maka. 3 348 000 a raba da 5 100 yana ba da 656,47 ba 655,957 ba, to an taɓa wani abu. Sai ka sake raba ta da yawan kaya, 6 000, in ka ga 558 cif ba guntu, a kan fakiti aka cike. In kuma 656 cif ya fito a rabon farko to canjin ne aka cike, wannan 219 F kawai ya ƙara a nan, ni dai bana yarda da shi ko kaɗan don a faktir mai nauyi shima nauyi yake yi. Bambancin faran ɗaya ko biyu kuwa ba abin tada jijiyar wuya bane, yana faruwa in an cike kowane layi daban.

Dalar Amurka ita kam kullum tana hawa tana sauka, saboda haka canjin da aka rubuta a takardar da kake dubawa da shi za ka yi aiki, ba na 'yan canjin kasuwa ba, ba kuma wanda ka gani a waya yau da safe ba. Takardar duwan tana iya zuwa da nata canjin daban da na banki, kowace takarda ka auna ta da nata.

Aikin gida: faktir ta ce 1 250,40 USD, canji 600,25. Ka fitar da sefar, ka cike, sannan ka raba ka gani ko canjin ya dawo. Amsar da ya kamata ka samu ita ce 750 553 F.