Ƙorafin Waya Ga Mai Shago: Inda Kuke Kuskure

Na gaji da ganin irin takardun ƙorafin da matasa ke kawo mini in duba. Mutum ya sayi waya a PZ ko cikin Sabon Garin Zariya, bayan mako guda ta daina caji, sai ya rubuta wa mai shago abin da ko ni ne ba zan amsa ba. Ga wanda wani ɗalibi daga Samaru ya nuna mini:

"Salam Alhaji. Wayan da kun saya mini ya lalace. Don Allah a taimaka mini idan da hali. Na gode."

Layin farko kaɗai kurakurai uku ne. Waya mace ce, don haka "wayar" ce, kuma "ta lalace". Bayan "da" irin wannan, "kuka" ake sawa, ba "kun" ba. Na ukun ya fi muni: "saya mini" na nufin Alhaji ya ciro kuɗinsa ya yi maka kyauta. Abin da ya faru shi ne ya "sayar mini". Harafi ɗaya ya mayar da mai haƙƙi ɗan alfarma.

Amma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne "a taimaka mini idan da hali". Taimakon me? Kuɗinka ka ƙirga ka bayar. Na taɓa rubuta irin wannan lallashi a kan wayar da na sha wahala kafin na tara kuɗinta. Mai shagon ya yi ta ce mini "dawo jibi", "yaron da ke dubawa ya tafi Kano", har lokacin garanti ya wuce, sannan ya ce shi ba ruwansa. Ban faɗi abin da nake nema ba, ban sa rana ba, to da me zan kama shi? Ladabi daban, roƙo daban. Ka gaishe da dattijo yadda ya dace, ka kira shi Alhaji, sannan ka faɗi buƙatarka guda ɗaya: canji, ko gyara, ko kuɗinka. Kada ka jera masa ukun ka ce ya zaɓa, domin wanda ya fi masa arha zai ɗauka. Ni canji nake nema kullum idan wayar sabuwa ce, kuma kwana bakwai nake bayarwa.

Ga yadda muka mayar da takardar ɗalibin:

"Assalamu alaikum Alhaji. Ranar 3 ga Maris na sayi sabuwar waya a shagonku a kan naira 95,000, ga hoton rasit da lambar IMEI. Tun ranar 10 ga wata ta daina ɗaukar caji. Na gwada caja biyu, ba ta ɗauka ba. Ba ta faɗi ba, ba ta shiga ruwa ba, ba a kuma buɗe ta ba. Ina neman a canja mini ita da irinta kafin ranar 18 ga Maris. Idan hakan bai samu ba, zan kai maganar gaban shugabannin kasuwa, daga nan hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC. Na gode."

Ku lura "ta lalace" ta fita, "ta daina ɗaukar caji" ta shigo. Lalacewa ba ta gaya wa kowa komai, kuma tana ba mai shago damar cewa kai ka yar da ita. Faɗi abin da wayar take yi da ranar da ta fara. Lambar IMEI kuwa, danna `*#06#` za ta fito, lamba 15 ce. Idan wayar ta mutu, duba jikin kwalinta. Ita ke nuna cewa wannan wayar ce aka sayar maka, ba wata ba.

Ambaton hukumar ba barazanar banza ba ce. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta ba mai saye damar mayar da kaya mai aibi cikin wata uku, a gyara, ko a canja, ko a biya shi. Amma kada ka rubuta abin da ba za ka iya aikatawa ba. Masu cewa "sai na sa an rufe shagon nan" dariya ake yi musu.

Sannan, don girman Allah, ku daina kai sabuwar waya wurin mai gyara kafin ku yi ƙorafi! Da zarar an kwance ta, garanti ya tashi, kuma jimlar "ba a buɗe ta ba" ta zama ƙarya a bakinka. Komai kyawun Hausarka ba za ta gyara wannan ba.

Zagi, "macuta", "Allah ya isa": goge su, suna ba shi hujjar yin fushi ya bar zancen waya. Saƙon murya na minti biyar ba ya maye gurbin rubutu. "Wayata" a haɗe take, "na saya" a rabe. Idan takarda ce ka kai da hannu, yi kwafi biyu, yaron shago ya sa hannu da kwanan wata a ɗaya ka riƙe. Idan kuma za su karɓi wayar su duba, cire layinka da katin ajiya, su rubuta maka shaidar karɓa mai ɗauke da IMEI ɗin.