Yadda ake raɗa wa sabon iri suna, manomi ya riƙe shi kuma ya yarda da shi

Shekarun da na yi ina ninka irin masara da wake a wajen Garwa, na ga matasa da dama sun fito da iri mai kyau, suna ya kashe musu kasuwa. Wani ya bar lambar masu bincike kawai a jikin leda, wani ya zabga kirarin da gona ba za ta iya cikawa ba. Ni ma na faɗa rami na biyun, shi ya sa zan daɗe a kansa. Ba zan tsaya kan gwajin tsiro da tsabtar iri ba, wanda bai gama da wannan ba bai kai ga maganar suna ba tukuna.

Abu na farko, ka je kasuwa ka ji sunan da iri yake da shi a bakin mutane. Zauna a rumfar masu hatsi ranar Lahadi a kasuwar Pitowa, ka yi shiru. Za ka ji Bahaushe yana cewa kaura da farafara, Bafulatani yana cewa safrari da majeri idan ana cinikin masakwa, mai albasa yana cewa gudami ko ta Galmi. Yawancin sunayen nan launi suke faɗa, ko garin da abu ya fito, ko lokacin da yake nuna. Babu wanda ya yi alkawarin buhu nawa za a samu. Manoma da kansu ba kasafai suke raɗa wa iri sunan yawan amfani ba, domin sun san wannan na ruwan sama ne da ƙasa da taki.

Kwatanta wannan da sunayen da cibiyar bincike ta IRAD take fitarwa, irin su CMS 8501 da CMS 8704 da CMS 9015. Lambobin suna da amfani a takarda, amma tsohon da ya aiko jikansa sayen iri ba zai riƙe su ba. Dawar nan S35, wadda ta yi fice a lokacin farin da aka yi a 1984 aka kuma fitar da ita ga manoman Kamaru a 1986, ta zauna a baki ne don lambarta gajera ce. Da lamba huɗu gare ta, da tuni manoma sun sa mata wani suna nasu. Kuma ka sani, idan irin da kake ninkawa na masu bincike ne, sunansa na hukuma yana nan a kan takardar shaida, ba ka da ikon goge shi. Abin da kake nema shi ne sunan kira, wanda za a rubuta da manyan baƙaƙe a saman leda, lambar tana ƙasa.

Na biyu, zaɓi alkawari ɗaya tak, wanda irin da kansa yake iya cikawa. A nan na sha kashi.

Shekarar da muka fara sayar da wata farar masara mai saurin nuna, mu biyar muka zauna neman suna. A filin gwajinmu ta yi kyau ƙwarai, don mun ba ta taki a kan lokaci, mun yi noma biyu, ga shi kuma damina ta yi albarka. Sai na ce a kira ta Cika Rumbu. Kowa ya ce sunan ya yi daɗi, muka buga leda.

Abin da na sani amma na ƙi tunawa shi ne, masara mai kwana 90 ba ta kamo mai kwana 110 ko 120 a yawan buhu idan ruwa ya wadata. Amfaninta shi ne ta riga kowa nuna, ta tsere wa ɗaukewar ruwa, ta shiga tukunya lokacin da rumbun bara ya ƙare. Da sunan da na sa, na tura manomi ya auna ta da ma'aunin da ba nata ba. Wani dattijo da ya shuka kar ɗaya, wato kwatar hekta, kusa da tsohuwar masararsa, ya same ni a shago bayan girbi. Ya ce, "Ɗana, rumbun wa take cikawa? Na kaji?" Na ce, "Baba, ai ta riga taka nuna da kusan wata guda." Ya ce, "Ta riga ta kam, mun ci gasasshiya maƙwabta suna kallo. To me ya hana ka faɗi haka a jikin leda?" Kafin damina ta zagayo, ƙauyensu gaba ɗaya Rabin Rumbu suke ce mata. Manomi idan ya sake wa iri suna don ba'a, ba ka da rediyon da zai goge shi.

Ga yadda nake yi yanzu. Ina rubuta duk abin da irin yake da shi a takarda, sannan in tambayi kowane ɗaya: idan mai ƙaramin ƙarfi ya shuka a gajiyayyar gona, da rabin takin da aka ce, a shekarar da ruwa ya yi gardama, wannan halin zai bayyana? Launin ƙwaya zai bayyana. Saurin nuna zai bayyana. Laushin gari da farin tuwo za su bayyana. Yawan buhu ba zai bayyana ba, sai a soke shi. Jure wa ƙuduji kuwa a yi hattara da shi: iri mai juriya yana ba da amfani duk da ciyawar, amma furenta zai fito a gona, manomi ya gani da idonsa. Wanda ya kira irinsa Kashe Ƙuduji ya yi ƙarya ko da girbi ya yi kyau.

Haka nan ba na sa adadin kwana a suna. Kwana Casa'in suna ne mai jan hankali, amma wani daga ranar shuka yake ƙirgawa, wani daga tsiro, wani zuwa ranar gasawa, wani zuwa bushewar zangarniya. Idan ruwa ya tsaya mako biyu bayan shuka, casa'in ta zama ɗari, ga mai ƙirge da yatsu yana jiran ka. Masarar nan daga baya Sammako muka kira ta. Sunan ya ce tana riga saura, bai ce da kwana nawa ba, kuma a kowace gona gaskiya ne.

Na uku, ka gwada sunan a bakunan da za su furta shi. Mu nan ba Hausa kaɗai ake ciniki da ita ba. Daga Ngaundere zuwa Marwa Fulatanci ne harshen kasuwa, ka kusanci Kusiri ka shiga Larabcin Shuwa, takarda kuwa da Faransanci ake karanta ta. Cika Rumbu ta sha wahala a nan ma. Yaron da ya yi boko da Faransanci yana ganin ci sai ya karanta si, ta koma Sika. Mai buga leda ya so ya gyara mana da rubutunsu, sai Bahaushen da ya yi karatu a Najeriya ya kasa gane kalmar. Don haka ƙa'idata: kada suna ya ƙunshi c, ko ƙ, ko ts, ko z. Fulatanci ba shi da ƙ da ts, z kuma j take komawa a bakin mutane da yawa. Gaɓa biyu ko uku sun isa. Sammako haka take ko da boko na Hausa aka karanta, ko da Faransanci, ko an rubuta da ajami, kuma ina ba da shawara a sa ajamin a leda, tsofaffi da yawa shi suke karantawa.

Sannan a tambayi mai kowane harshe, har da Tupuri da Mafa da Gizga idan kasuwarka ta kai can, ko kalmar ta yi kama da zagi ko wani abin kunya a wajensu. Shayi da goro kawai wannan zai ci maka. Buga leda dubu biyar da sunan da ake dariya a kansa kuwa asarar jakunkuna ce masu yawa.

Gwajin da na fi yarda da shi na aike ne. Faɗa wa mutum goma sunan sau ɗaya a ranar kasuwa, kada ka nuna musu rubutu. Kasuwa mai zuwa ka tambaye su. Idan bakwai ba su dawo da shi daidai ba, jefar da shi komai daɗinsa a kunnenka. Ka kuma tambaye su, "Da ka ji sunan nan, me kake tsammanin irin zai yi maka?" Abin da suka faɗa shi ne bashin da ka ɗauka. Kada ka tsallake mata a gwajin nan, su ne masu niƙa da tuƙi, kuma idan uwargida ta ce tuwon bai kwana, maigida ba zai sake sayen irin ba.

Sunan mutum ko na ɗan siyasa ba na so ko kaɗan. Ranar da farin jininsa ya faɗi, irinka ya bi shi. Sunan Faransanci mai ƙyalƙyali kuma na masu shago ne, ba ya isa gona.

Idan har da taki kake sayarwa, maganar sunansa gajera ce, domin lambobinsa ba a taɓa su. 20-10-10 na nufin a buhu mai kilo 50 akwai kilo 10 na sinadarin ganye, wato naitirojin, yuriya mai kashi 46 kuma tana da kilo 23. Waɗannan su zauna a buhu baro-baro, kuma abin da ke ciki ya yi daidai da su. Sunan kira na haɗin taki ya faɗi amfanin gonar da aka haɗa shi dominsa da lokacin zubawa, kamar Na Shukar Masara ko Na Albasa, don kuskuren da manoma suka fi yi shi ne zuba takin shuka a lokacin zubi na biyu. Ka bai wa kowane haɗi launin buhunsa daban, kada kuma ka canza launin, mutane za su ce "mai koren buhu" ko ka so ko ka ƙi. Kauce wa duk sunan da ke nuna buhu ɗaya ya wadatar idan ka san sai an bi da yuriya. Kada kuma buhunka ya yi kama da na takin auduga da SODECOTON take bai wa manomanta, za a ɗauka na sata kake sayarwa.

Na ƙarshe, rajista. Hukumar OAPI da ke Yawunde ita ke rajistar alamar kasuwanci ga ƙasashe 17, har da Kamaru da Cadi, rajista ɗaya ta shekara 10 da ake sabuntawa. Ka bincika ko wani ya riga ka kafin ka je wajen mai buga leda. Sunan hukuma na iri kowa yana da damar amfani da shi, don haka ba za ka mallake shi ba, sunan gidanka da tambarinka su ne naka. Takardun shaidar iri da izinin sayar da taki kuwa a ofishin ma'aikatar noma na yankinku ake bin su, kuma a fara tun rani, don wanda ya jira Mayu zai tarar manoma sun riga sun sayi iri a wajen wani.