Alamar ✓ Ɗaya a WhatsApp: Saƙo Yana Hannun Saba

'Yan uwa na Zangon Kumasi, idan kun tura saƙo a WhatsApp, ba daga wayarku yake tsallakawa wayar mutum kai tsaye ba. Akwai manyan kwamfutoci na kamfanin da ke tsakani, ba sa hutawa dare da rana. Su ake kira saba. Manhajar da ke wayarku kuma, wadda ke miƙa musu saƙo ta jira amsa, ita ce kilayan.

A ce kin tura wa yayarki da ke Nima saƙo daga Aboabo. Idan kin ga alamar agogo, saƙon bai bar wayarki ba tukuna, sai ki duba datarki ko natuwok. Idan kin ga ✓ ɗaya, saba ta karɓa ta ajiye, mai yiwuwa wayar yayarki ce a kashe ko datarta ta ƙare. Don Allah kada ki sake turawa, kada kuma ki zarge ta da share ki. Da ta kunna data saba za ta miƙa mata, alamar ta koma ✓✓. Amma ajiyar tana da iyaka: idan kwana 30 suka wuce wayarta ba ta karɓa ba, saba za ta goge saƙon.